Tsarin Inganta Kai Domin Ƙarin Girma, 2025 zuwa 2027

Mai tsari: Sadiya Garba, jami'ar gudanarwa ta biyu, mataki na 08, sashen kula da ma'aikata, ma'aikatar tarayya a Abuja. Na kama aiki ranar 2 ga Disamba, 2024.

Abin da nake nema shi ne mataki na 09 a zagayen ƙarin girma na 2028. Dokokin aikin gwamnati sun ce ma'aikacin da ke mataki na 07 zuwa 14 sai ya yi aƙalla shekara 3 a matakinsa, nawa kuwa za su cika a Disamba 2027. Cikar shekarun dama ce ta shiga layi kawai. Sai akwai gurbi, kuma sai fayil ya cika.

2025. Wannan shekarar ta jarrabawar tabbatar da ma'aikaci a aiki ce, domin ba a ƙara wa wanda ba a tabbatar ba girma, lokacin gwaji kuma shekara 2 ne. Zan karanta littafin dokokin aiki bugun 2021 da na ƙa'idojin kuɗi, minti 40 bayan Asuba, Litinin zuwa Alhamis. Ranar Asabar tsofaffin tambayoyi, da agogo a gabana. Babin ladabtarwa da na hutu zan fi maimaitawa.

2026. Raunina guda biyu ne: rubutun bayani a fayil yana yi mini tsawo, kuma hannuna bai faɗa a Excel ba. Duk wata zan kai wa shugaban sashe rubutu 2 ya gyara da jan biro. Kafin Yuni in iya fitar da jerin ma'aikata bisa mataki da ranar ƙarin girmansu na ƙarshe ba tare da taimako ba. Takardar neman kwas a cibiyar horar da ma'aikata zan miƙa ta tun Janairu, kafin a raba kuɗin horaswa. A Disamba in bi takardar tabbatarwa ƙafa da ƙafa.

2027. A nan aka fi yin asara. Jarrabawar ƙarin girma tana da maki 70, rahoton ƙwazo na shekara 20, daɗewa a aiki 10, ana cin nasara da 60. Fom ɗin ƙwazo guda ɗaya da ba a sa wa hannu ba, ko ya ɓace a ɗakin fayil, ya isa ya jefa mutum zagaye na gaba. Saboda haka duk fom da na cike zan riƙe kwafi mai hatimi, tare da takardar ɗauka da ta kama aiki da ta tabbatarwa, ɗaya a gida, ɗaya a waya. A Satumba zan roƙi a duba fayil ɗina a gabana, musamman ranar haihuwa da ta fara aiki, don kuskuren rubutu a nan yakan ci watanni kafin a gyara. Takardar tuhuma kan makara ma tana zama a fayil, don haka ƙarfe 7:45 ta same ni a ofis.

Ranka ya daɗe, ina roƙon mu zauna mu duba wannan tsari duk Juma'ar ƙarshe ta Maris da Satumba.

Sadiya Garba
6 ga Janairu, 2025