Wayoyi na hannu da ke ƙasa wannan makon, kowace da aibinta

Assalamu alaikum jama'a. Wayoyi huɗu gare ni a shago, nan Farm Centre a Kano, duk na hannu ne. Na rubuta halin da kowace take ciki kamar yadda na gan ta da idona a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba, don fitila tana ɓoye ƙarce. Ku karanta kafin ku taso, musamman masu zuwa daga nesa.

iPhone 11, 64GB, baƙa: ₦205,000

Daga hannun mai ita na saya, ba 'yar Landan ba ce. Ya cire iCloud ɗinsa a gabana, na goge ta, na sake kunna ta tun daga farko ba ta nemi kalmar sirrin kowa ba.

Sikirin ɗinta na asali ne, ba a taɓa canza shi ba. Akwai ƙarce biyu a kansa. Ɗaya siriri ne a sama kusa da wurin jin magana, sai ka karkata wayar kake ganinsa. Na biyun yana ƙasa ta hannun dama, tsawonsa kamar ƙwayar shinkafa, kuma farce yana kama shi idan ka shafa. Da sikirin a kunne ba ya hana karatu, amma yana nan, gilashin kariya kuma ba zai ɓatar da shi ba. Kusurwar ƙasa ta hagu ta ɗan lotsa, fenti ya kankare har farin ƙarfen ya fito, alamar ta taɓa faɗuwa. Gilashin baya lafiyarsa ƙalau.

Batir shi ne abin da nake so mai saye ya tsaya a kai. Lafiyarsa kashi 79 ne, kuma wayar da kanta tana nuna saƙon cewa ya kamata a canza shi. Kamfanin Apple ya ƙera batirin irin wannan wayar ne ya riƙe kusan kashi 80 bayan cikakken caji 500, to wannan ya ci nasa zamanin. Idan kira da WhatsApp kawai kake yi zai kai ka la'asar. Idan kai mai kallon bidiyo ne da data a kunne, kafin azahar za ka fara neman soket. Ban canza shi ba da gangan. In na sa wanda ba na kamfani ba, wayar za ta rubuta Unknown Part, galibi kuma ta daina nuna lafiyar batirin, sai mai saye ya rasa abin da zai dogara da shi. Na gwammace ka ga 79 na gaskiya, na rage maka kuɗin batir a farashi, ka je ka sa wanda ka yarda da shi. Duba da kanka a Settings > Battery > Battery Health & Charging, lambar tana gaban Maximum Capacity.

Face ID yana aiki, True Tone yana nan, kyamarar gaba da na baya duk suna ɗauka tas. Sifikar ƙasa tana ɗan karkarwa idan an ƙure murya. Abin da ke biye da ita igiyar caji ce kawai, ita ma ba ta kamfani ba. Babu kwali, babu kan caja, babu iyafis.

Samsung Galaxy A52, 128GB, shuɗiya: ₦150,000

Jikinta ya fi na sauran kyau. Bayanta roba ce, akwai 'yan shafe-shafe na riga a gefuna, babu tsagewa, babu lotsawa. Amma sikirin ɗin ya ɗan ƙone, irin abin da ke samun sikirin AMOLED idan hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya da haske mai ƙarfi. A ƙasa, inda allon rubutu yake fitowa, akwai inuwar haruffa a dishi-dishi. A hoto ko bidiyo ba za ka lura ba, sai an buɗe farin shafi. Idan ka zo ka danna wannan a wurin kira:

```
*#0*#
```

Za ta buɗe allon gwaji. Taɓa RED, GREEN da BLUE ɗaya bayan ɗaya, za ka ga inuwar da nake faɗa. Wannan ba ya gogewa, ba ya kuma warkewa, sai dai a canza sikirin gaba ɗaya, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Shi ya sa farashin ya sauko haka.

Wannan wayar ba ta nuna lafiyar batir da lamba irin ta iPhone. Gwajin da ke cikin Samsung Members bai nuna matsala ba, kuma tana kai dare da amfani na yau da kullum. Iyakar abin da zan ce ke nan, ba zan ƙirƙiro muku kashi ba. An ƙera ta da kariyar ruwa, amma waya ce ta 2021, kada kowa ya gwada. Layi biyu take ɗauka, duka suna kawo sabis. Tana da kwalinta, lambar IMEI da ke jikinsa ta yi daidai da ta wayar, da igiyar caji ta asali. Kan cajar ya ɓata.

Tecno Camon 20, 256GB, baƙa: ₦135,000

Wata baiwar Allah ce ta kawo ta da rasit ɗinta. An canza mata sikirin, kuma wanda aka sa ba irin na asali ba ne: haskensa bai kai ba, a cikin rana sai ka kare da hannu. Taɓawa tana amsawa ko'ina. Murfin baya an taɓa buɗe shi, ana ganin ɗan gam a gefen sama. Ramin caji ya ɗan saki, sai igiya ta zauna daidai take ɗaukar caji mai sauri. Batirin 5000mAh ne, yana wuni, bai kumbura ba. Cajarta ta asali mai wat 33 tana nan, da kwali, da riga mai garai-garai da ta koma ruwan ɗorawa.

Redmi Note 11, 128GB, ruwan toka: ₦110,000

Babu dogon bayani a kanta. Ba a taɓa buɗe ta ba, sikirin tas, sai tsagewa 'yar siririya a gilashin kyamarar baya wadda ba ta kai kan idon kyamarar ba, hoto yana fita lafiya. An cire asusun Mi da na Google. Batir yana riƙe caji sosai. Wayar ce kawai, ko igiya babu.

Yadda cinikin yake

Ka zo da layinka da cajarka, ka zauna ka gwada, ba na gaggauta kowa. Danna `*#06#` ka ga IMEI, shi zan rubuta a rasit tare da aibin da na lissafa a nan, mu sa hannu mu biyu. Alhaji ko Hajiya da za su aiko yaro, don Allah a karanta masa wannan bayanin tukuna, ko a kira shi ta bidiyo ya nuna muku ƙarcen kafin ya biya.

Kwana uku na bayar. Idan wani aibi ya fito wanda ban rubuta ba, dawo da ita ka karɓi kuɗinka cif, matuƙar ba ta faɗi ba, ba ta sha ruwa ba, ba a kuma kai ta wajen mai gyara an buɗe ba. Wanda na riga na rubuta kuwa an cire kuɗinsa a farashi, ba a dawo da waya saboda shi. Shago yana buɗe daga ƙarfe tara na safe zuwa magariba, ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci.