Atisayen Ko-ta-kwana na Asabar 17 ga Janairu 2026: Labarin Hatsarin da Katunan Masu Taka Rawa

Daga kwamitin shirin ko-ta-kwana na asibiti, zuwa ga ma'aikatan sashen gaggawa da ɗaliban da za su fito a matsayin majinyata.

Mun zaɓi safiyar Asabar da gangan, don lokacin ne hannu ya fi ƙaranci. Abu ɗaya muke son gani a wannan atisaye: idan mutum 21 suka zubo mana cikin rabin sa'a, wa za mu fara taɓawa? Duk wanda ya jima a sashen gaggawa ya san waɗanda ke fara isowa su ne masu ƙafa da murya, su cika gadaje, sannan a kawo wanda ya yi shiru ya tarar babu wuri.

Majinyatan gaskiya suna gaba da atisaye. Duk wanda ya ji ciwo na haƙiƙa, ko ya ga mara lafiya na gaske ya shigo, ya ɗaga murya ya ce "Wannan na gaske ne" sau biyu, kowa ya tsaya. Ba a soka allura, ba a buɗe ledar jini. Ka ɗauko kayan, ka nuna wa mai sa ido, ka faɗi abin da za ka yi.

LABARIN

Ƙarfe 7:40 na safe, hazon hunturu ya rufe hanyar Kano zuwa Zariya. Bas mai kujera 18 ta taso daga Kano da mutum 21, har da direba da yaron mota. Kusa da Kwanar Ɗangora tayar gaba ta fashe, motar ta daki bayan tirelar da ke tsaye a gefen titi, ta kife.

Abin da muke da shi: likita ɗaya a bakin aiki, na biyu sai ya yi minti 20 kafin ya iso. Nas biyar, ungozoma ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya, tukunyar oksijin biyu, motar asibiti ɗaya. Jini leda huɗu ne, ɗaya kacal a cikinsu rukunin O negatif.

7:52. Jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya bugo: "Bas ta kife, mutane sun fi ashirin, muna tafe." Wayar ta katse.
8:00. A-kori-kura ta iso da katuna 4 da 5 da 11 zuwa 18.
8:10. Motar hukumar ta kawo katuna 1, 3, 6 da 7.
8:20. 'Yan uwa da 'yan kallo sun taru a ƙofa. Ɗan sanda ya iso.
8:25. Sauran sun iso: 2, 8, 9, 10, da gawa uku.
8:35. An ɗauke wuta. Mai sa ido zai ƙirga mintunan da aka yi kafin janareta ya tashi.
9:30. An busa usur. Kowa ya nufi ɗakin taro da katinsa.

YADDA ZA A TANTANCE

Za mu bi tsarin START na raba majinyata launi-launi gwargwadon gaggawarsu, wanda aka fito da shi a Kaliforniya a 1983. Kada mutum ɗaya ya ci wa mai tantancewa fiye da minti ɗaya. Wanda ke iya tafiya, kore. Wanda ba ya numfashi ko bayan an buɗe masa hanyar iska, baƙi; in numfashin ya dawo bayan an buɗe, ja. Numfashi sama da 30 a minti, ko babu bugun jini a wuyan hannu, ko farce ya wuce daƙiƙa 2 bai dawo ja ba bayan an danna, ko mutum ya kasa bin umarni mai sauƙi kamar "matse hannuna", ja. Sauran rawaya. Ƙananan yara nasu daban ne: numfashi ƙasa da 15 ko sama da 45 ja ne, kuma yaron da ba ya numfashi amma yana da bugun jini sai an hura masa iska sau 5 kafin a yanke hukunci. Launi ba hatimi ba ne, a riƙa komawa ana dubawa.

KATUNAN MAJINYATA

Kati 1. Kai ne direba, shekara 41. Sitiyari ya buge ka a ƙirji. Kana haki, kalma biyu kake iya haɗawa: "Likita... numfashi..." Numfashi 36, bugun zuciya 130, gefen dama na ƙirji ba ya motsi kuma ba a jin shigar iska. Ja. Iska ce ta taru tana matse huhu. Idan minti 10 suka wuce likita bai nuna allurar da zai sako iskar ba, ka daina amsawa.

Kati 2. Ke matar aure ce, shekara 27, cikin wata takwas. Ba kya iya tsayawa. Numfashi 24, akwai bugu a wuyan hannu, hankalinki na jikinki. Rawaya. Tambayarki ɗaya: "Sista, ɗan bai motsa ba, don Allah ki duba min." Idan aka bar ki rigingine, ki ce jiri na ɗibar ki, har sai an karkata ki gefen hagu. Ƙarfe 8:45 ki kama ciki, ki ce ya yi tauri kamar dutse, ki nuna zanen da muka shafa wa jan launi. Daga nan ke ja ce.

Kati 3. Yaro ɗan shekara 6, mutum-mutumi ne. Ba ya numfashi, amma akwai bugun jini. In an gyara kansa an hura iska sau 5, mai sa ido zai ce ya fara numfashi 18 a minti amma bai farka ba. Ja. In an manna masa baƙi ba a hura ba, a rubuta lokacin, za mu tattauna a taro.

Kati 4. Baba, wannan katin shi ne zuciyar atisayen. Kai dattijo ne ɗan shekara 63, ka sauko daga mota da ƙafarka. Za a ba ka kore, kuma daidai ne. Ka nemi lungu ka zauna da carbinka. Wanda ya tambaye ka, ka ce: "Alhamdulillahi ɗana, da sauƙi, ku ji da yaran nan." Kada ka ambaci ciwon da ke ƙarƙashin haƙarƙarinka na hagu da kafaɗar hagu sai an tambaye ka kai tsaye ko an taɓa cikin. Saifarka ce ta fashe, jini na zuba a ciki. Ƙarfe 8:20 ka roƙi ruwan sha, ka shafa ruwa a goshi kamar gumi: bugun zuciya 118. Ƙarfe 8:40 ka zame ƙasa, babu bugu a wuyan hannu.

Kati 5. Kai saurayi ne, shekara 22, cinyar dama ta karye, ƙashi bai fito ba. Numfashi 22, bugu mai ƙarfi. Rawaya. Ka fi kowa ihu. Ka riƙe rigar duk nas ɗin da ta gifta: "Wayyo Allah, Anti ni za ki fara dubawa!" Ka lafa in an ɗaure ƙafar da katako an yi maganar maganin ciwo.

Kati 6. Yaron mota, shekara 19. Gilashi ya yanke damtsen hagu, jini na tsartuwa, tsumman da aka ɗaura ya jiƙe. Kana magana sama-sama, babu bugu a wuyan hannun dama. Ja. Ana son ɗaurin tsayar da jini a saman raunin, a rubuta lokacin ɗaurin a goshinka, a ambaci allurar tiraneksamik asid, wadda amfaninta yake cikin sa'a 3 na farko.

Kati 7. Ɗaliba, shekara 20, rauni a kai. Kina numfashi da minshari, 14 a minti, ba kya bin umarni, ƙwayar idon hagu ta buɗe. Ja. Kada ki taimaka wa masu ɗaukar ki. Mai sa ido na kallon wuyanki.

Katuna 8, 9, 10. Karayar ƙwauri, gocewar ƙugu, ciwon baya. Ba ku iya tafiya, alamominku lafiya. Rawaya. Mai kati 10 ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi.

Katuna 11 zuwa 18. Ƙujewa da ƙananan yanka. Kore. Ku yi ta ƙoƙarin shiga sashen gaggawa. Mai kati 11 ita ce uwar yaron kati 3, tana neman sa gado-gado.

Katuna 19, 20, 21. Mutum-mutumi, baƙi. A rufe su, a sa lamba, a kai su mutuware cikin mutunci, ba ta gaban jama'a ba.

KATUNAN MA'AIKATA

Jagora, babbar nas mai aikin safe. Ki sa riga mai ƙyalli, ki shelanta dokar hatsarin jama'a, ki sa a kira waɗanda ke gida. Hannunki ba zai taɓa majinyaci ba yau, kuma mun san wannan zai yi miki wuya. In kika durƙusa kan mutum ɗaya, ba mai ganin sauran 20.

Mai tantancewa. Wurinka bakin ƙofa ne, ƙarƙashin rumfa. Magani biyu kawai aka yarje maka: buɗe hanyar iska, har da hura wa ƙaramin yaro iska, da tsayar da jini. Ja su shiga ciki, rawaya baranda, kore ɗakin jiran ganin likita tare da nas ɗaya da za ta zagaya su duk minti 15.

Likita. Tiyata ɗaya ce, ledar O negatif ɗaya ce, motar asibiti ɗaya ce. Ka faɗi zaɓinka da dalilinsa da ƙarfi don a rubuta. Kafin ka tura kowa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, ka nuna ka buga waya an san da zuwansa.

Mai rajista. Lamba tukuna, suna daga baya. Kada ka tambayi kuɗin kati. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi kula da mai buƙatar gaggawa. Kuɗi da wayoyin majinyata a leda mai lamba, shaida biyu.

Mai ɗakin jini. Ka faɗa wa jagora abin da ke firij tun kafin ta tambaya, ka fara rubuta 'yan uwan da za su iya ba da jini.

Mai gadi. Ƙofar mota ta zauna a buɗe. 'Yan uwa su taru a gindin darbejiya, wakili ɗaya na asibiti yana fita musu da bayani.

KATUNAN MUTANEN WAJE

Wan mamaci. An ce maka ƙaninka na cikin gawarwakin. Cikin ladabi amma ba ja da baya: "Ranka ya daɗe, a ba mu shi mu yi masa sutura kafin azahar." Ka kwantar da hankali in wani ya yi maka ta'aziyya, ya zaunar da kai, ya bayyana maka matakan tabbatar da gawa.

Ɗan sanda. Ka nemi jin ta bakin direba nan take. Ka haƙura in an ce maka sai ya farfaɗo.

Mai waya. Ka yi ta ɗaukar hoton masu rauni, musamman mata. Ka daina sai an hana ka.

GA MASU SA IDO

Ku rubuta lokaci, ba ra'ayi ba: minti nawa daga kiran waya zuwa shelar jagora, daga saukar kowane ja zuwa hannun farko da ya taɓa shi, da lokacin da aka sauya launin kati 2. Mutum ɗaya daga cikinku zai zauna kusa da Baba mai kati 4 tun daga 8:00, ya rubuta sunan duk ma'aikacin da ya tsaya a kansa, da ƙarfe nawa.