Tuntuɓa Kan Takardar Neman Aikin Koyar da Hausa

Tudun Wada, Zariya
18 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Shugabar Makaranta,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, barka da aiki, da fatan ana hutu lafiya.

Ni ne Kabiru Lawal, wanda ya kawo takardar neman gurbin malamin Hausa na babbar sakandare ranar Litinin, 4 ga wannan wata. Ban same ki a ofis ba, an ce kina wajen taron iyayen yara, sai na bar wa magatakarda ambulan ɗin, ya sa na rattaba hannu a littafin baƙi. Yau mako biyu ke nan ban ji komai ba, shi ya sa na ga ya kamata in tuntuɓa, ko takardar ta iso hannunki, ko kuma akwai abin da ya rage in kawo. Na san lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ne, aiki ya yi muku yawa, don haka ba gaggawa nake yi muku ba.

A cikin ambulan ɗin akwai kwafin shaidar NCE daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya, da digirin Hausa daga Jami'ar Ahmadu Bello, da takardar kammala yi wa ƙasa hidima. Sanarwarku ta nemi shaidar rajista da hukumar TRCN. A lokacin ba ta hannuna, amma yanzu na karɓo ta, ga kwafinta nan haɗe da wannan wasiƙa.

Na ga kun ce kuna son wanda zai riƙe 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO. Aikin da nake yi ke nan shekara uku. A ganina, takarda ba ta nuna yadda malami yake a gaban allo. Idan za a ba ni darasi ɗaya na minti 40, ko da 'yan darasin hutu ne, zan so in koyar da karin sauti da tsawon wasali. A nan ne yara suka fi tuntuɓe, don suna jin Hausa tasu ce, ba sai sun karanta ba.

Abu ɗaya ne ya sa na damu da lokaci. Makarantar da nake yanzu tana buƙatar a sanar da ita kafin a bar aiki, ga shi za a koma a watan Satumba, kuma ba na so in bar musu aji ba malami. Idan da hali in san matsayina kafin ƙarshen watan nan, zan ji daɗi. In kuma an riga an cike gurbin, ba komai, a ajiye takarduna ko wani zai buɗe nan gaba.

Lambar wayata na saman takardar farko, kuma kowace rana aka kira ni zan iya zuwa.

Na gode ƙwarai. Allah Ya ƙara girma.

Naku cikin ladabi,
Kabiru Lawal