Hujjar zanen da'irar ABCD mai tanjan a C: amsa ga 'yan SS 2

Wannan takarda ta 'yan aji SS 2 ce masu darasin yamma a Gusau. Malamanku na lissafi suka rubuta ta kan tambayar da aka ɗauko hotonta daga allo ranar Laraba, wadda kowa ya kwafa daga waya.

Abin da ke cikin hoton

Da'ira ce mai cibiya O. A kanta akwai ɗigo huɗu. A tana hagu, B tana dama, kuma layin AB ya ratsa ta kan O. C tana sama ta wajen dama, D tana sama ta wajen hagu. An haɗa A da D, D da C, C da B, sannan A da C. Daga C wani layi ya gangaro dama, ya haɗu da AB da aka tsawaita a wajen da'ira, a ɗigon T. An rubuta x a cikin kusurwar BAC, an rubuta y a cikin kusurwar DAC. Akwai kan kibiya a jikin DC.

A ƙasan zanen an rubuta bayani uku: AB dayamita ce, DC ∥ AB, CT tanjan ne a C, wato ya taɓa da'irar a C kaɗai bai shiga cikinta ba.

Wanda ya ɗauki hoton daga gefe ya tsaya, saboda haka da'irar ta fito kamar ƙwai, yadda faifai ke fitowa in an karkata shi. O ta gusa daga tsakiya, kusurwar ACB kuma ba ta yi kama da 90° ba. Hasken taga ya cinye kan kibiya na biyu da ya kamata ya kasance a jikin AB. Wannan bai ɓata komai ba, tunda rubutun ƙasa ya faɗi DC ∥ AB a fili. Da rubutun ma bai fito ba, sai an koma wurin allo an tambaya, domin kan kibiya guda ɗaya ba ya gaya wa kowa da wane layi DC yake tafiya. Abin da za a ɗauka daga hoto shi ne sunayen ɗigogi, jerinsu, alamomin da aka sa da gangan, da rubutaccen bayani. Tsawo da girman kusurwa ba a ɗaukarsu daga hoto, kuma kada wanda ya ɗora ma'aunin kusurwa a kan gilashin waya.

Kafin rubuta layi ko ɗaya, a sake zanen a littafi da kamfas da rula. A buɗe kamfas santimita 5, a ja da'ira, a ja AB mai santimita 10. A auna kusurwa 28° a A, a ja layi har ya taɓa da'ira a C. Daga C a ja layi faralel da AB zuwa hagu, inda ya taɓa da'ira nan ne D. A haɗa O da C, a ja layin da ya yi 90° da OC a C, a bar shi ya sauka. In hannu bai goce ba, T za ta faɗi kimanin santimita 8.9 daga O, wato 3.9 daga B. A bar fili a dama tun farko, in ba haka ba T ta faɗa bayan takarda.

An bayar

A, B, C, D suna kan da'ira mai cibiya O, a wannan jerin. AB dayamita ce. DC ∥ AB. CT tanjan ne a C, kuma A, B, T suna kan miƙaƙƙen layi ɗaya. ∠BAC = x, ∠DAC = y.

Abin da za a tabbatar

(a) ∠ADC = 90° + x
(b) AD = BC
(c) ∠CTB = y
(d) In x = 28°, a nemo y da ∠ADC.

Ƙarin zane

A haɗa O da C, a haɗa O da D, da layi mai tsinke-tsinke don a bambanta su da layukan tambaya.

Hujja

Sashe (a)

1. ∠ACB = 90°. Dalili: AB dayamita ce, kuma kusurwar da dayamita ta yi a kan da'ira 90° ce.
2. A alwatika ABC, ∠ABC = 180° − 90° − x = 90° − x. Dalili: jimillar kusurwoyin alwatika 180° ce.
3. ∠ADC + ∠ABC = 180°. Dalili: A, B, C, D duk suna kan da'ira, kuma a siffa mai gefe huɗu irin wannan kusurwoyi biyu masu fuskantar juna suna haɗuwa su ba da 180°.
4. Saboda haka ∠ADC = 180° − (90° − x) = 90° + x. An tabbatar da (a).

Sashe (b)

5. ∠ACD = ∠BAC = x. Dalili: DC ∥ AB, AC ya ratsa su, waɗannan kusurwoyin musaya ne, masu siffar Z.
6. ∠AOD = 2 × ∠ACD = 2x. Dalili: kusurwar da bakan AD ya yi a cibiya ninki biyu ce ta wadda ya yi a kan da'ira.
7. ∠BOC = 2 × ∠BAC = 2x. Dalili: ƙa'idar layi na 6, wannan karon a kan bakan BC.
8. A alwatika AOD da alwatika BOC: OA = OB, radiyos ne duka; OD = OC, radiyos ne duka; ∠AOD = ∠BOC = 2x, daga layi na 6 da na 7.
9. Saboda haka △AOD ≡ △BOC. Dalili: SAS, gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu.
10. AD = BC, domin su ne gefunan da ke fuskantar kusurwoyin O a alwatikan biyu. An tabbatar da (b).

Sashe (c)

11. A alwatika ADC, y + ∠ADC + ∠ACD = 180°, wato y + (90° + x) + x = 180°. Saboda haka y = 90° − 2x.
12. ∠OCT = 90°. Dalili: tanjan da radiyos ɗin da ya iso inda ya taɓa da'ira suna yin 90°.
13. ∠COT = ∠COB = 2x. Dalili: O, B, T suna layi ɗaya, sai a duba layi na 7.
14. A alwatika OCT, ∠CTO = 180° − 90° − 2x = 90° − 2x.
15. ∠CTB ita ce ∠CTO. Daga layi na 11 da na 14, ∠CTB = y. An tabbatar da (c).

Sashe (d)

y = 90° − 2(28°) = 34°, ∠ADC = 90° + 28° = 118°. Gwaji a alwatika ADC: 118° + 28° + 34° = 180°.

Inda ake yin tuntuɓe

Babban ramin shi ne AD da DC. A hoton nan sun yi kamar an tsaga kara, sai ɗalibi ya rubuta AD = DC, ya ce alwatika ADC mai gefe biyu daidai ce, ya samu x = y cikin layi biyu. Ba a sa wa gefunan nan wata alamar daidaito ba, bayanin ƙasa ma bai faɗa ba. Ku duba abin da layi na 11 ke cewa: in x = y, to x = 90° − 2x, wato x = 30°. Ke nan zancen gaskiya ne a zane guda tak, kuma namu ba shi ba ne. A zanen littafinku mai radiyos 5, AD kimanin santimita 4.7 ne, DC kuwa 5.6. Bambancin bai kai santimita ɗaya ba, hoton da aka ɗauka a karkace kuwa yana iya haɗiye fiye da haka. Duk layin da aka gina a kan wannan zato ya rushe tare da shi, ko da lissafin da ya biyo baya tsaf yake.

Na biyu ya fi wuyar ganewa, domin abin da ɗalibin ya rubuta gaskiya ne. Sai ya ce ABCD tirafiziyom ce mai ƙafafu daidai, saboda haka AD = BC. To ai abin da aka ce ya tabbatar ke nan. Ya kira abin da ake ƙara a kansa ya zama shaida. Kowane layi sai ya tsaya a kan ɗaya daga cikin uku: abin da aka bayar, ƙa'idar da aka riga aka sani, ko layin da ya gabata. Haka ake jera hujja tun zamanin Yuklid na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma haka mai duba takardar WAEC ko NECO yake son ya gani, magana da dalilinta a gefe.

A layi na 5 wasu kan samu amsa daidai da dalili karkatacce: su ce ∠ACD da ∠BAC suna kan baka ɗaya. Ku ɗora yatsa ku bi ƙafafun kowace kusurwa. Na ∠ACD sun sauka a A da D, na ∠BAC sun sauka a B da C. Baka biyu ne daban. Abin da ya daidaita su shi ne DC ∥ AB, kuma a duk hujjar nan a layi na 5 kaɗai aka taɓa wannan bayanin. Wanda ya gama rubutunsa bai ambaci faralel ba, ya san akwai ɓaraka a (b) da (c).

A layi na 3 a tabbata kusurwar D da ta B aka tara. Masu gaggawa kan tara ta D da ta C saboda suna kusa da juna, alhali a zanenmu kowacce 118° ce, jimillarsu 236°. A layi na 4 kuma alamar ragi da ke gaban baka-biyu tana juya abin da ke ciki, don haka − x ya koma + x. Mai samun 90° − x ya duba zanensa: kusurwar D a buɗe take, ta wuce 90°.

A C akwai kusurwoyi 90° guda biyu, ∠ACB da ∠OCT, kuma dalilinsu daban. ∠BCT ba ta cikinsu. Girmanta x ne. Shi ya sa ba a yarda a rubuta "∠C" kawai ba a ɗigon da layuka biyar suka haɗu, sai haruffa uku, na tsakiya shi ne inda kusurwar take. Haka jerin haruffa a layi na 9: A ta yi daidai da B, D ta yi daidai da C, don haka △BOC za a rubuta, ba △COB ba.

Kada a sa 28° a sashe (a) zuwa (c). Wanda ya yi haka ya nuna zancen ya yi a zane ɗaya ne, alhali an nemi hujjar da za ta yi aiki ga kowace x da ke ƙasa da 45°. A 45° ɗin kanta y ta zama sifili, C da D sun haɗe wuri ɗaya, tanjan ya kwanta faralel da AB, T ta ɓace.

Mai son hanya ta biyu zuwa (c) ya bi ta alwatika BCT, ba tare da OC ba. ∠BCT = ∠BAC = x, domin kusurwar da ke tsakanin tanjan da layin CB daidai take da wadda CB ya yi a ɗaya ɓangaren da'irar. ∠CBT = 180° − (90° − x) = 90° + x, tunda ABT miƙaƙƙen layi ne. Sai ∠CTB = 180° − x − (90° + x) = 90° − 2x. Da x = 28°, kusurwoyin alwatikar su ne 28°, 118° da 34°, irin na alwatika ADC sak.