Neman Takardar Shaida Daga Malam Don Karatun Digiri Na Biyu

3 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Dakta Garba Usman,
Sashen Kimiyyar Ƙasar Noma,
Tsangayar Aikin Gona.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Malam yana lafiya tare da iyali, ya aiki, ya fama da ɗalibai? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni ce Hauwa'u Idris, wadda ta kammala digirin farko a sashenmu a 2023. Malam ne ya duba aikin bincikena na shekarar ƙarshe, wanda na yi a kan taruwar gishiri a filayen noman rani. Ɗaliban da suka bi ta hannun Malam suna da yawa, saboda haka in sunan bai kawo fuskar ba, ni ce wadda ta riƙa zuwa ofis da robobin kwaɓaɓɓiyar ƙasa tana neman a ara mata mabuɗin ɗakin gwaje-gwaje ranar Asabar.

Alfarma nake nema. Ina neman gurbin digiri na biyu a fannin kula da ƙasa da ruwan ban ruwa, karatun shekara biyu, tare da tallafin da zai ɗauki kuɗin makaranta da na zama. Masu shirin suna buƙatar takardar shaida daga mutum biyu, kuma dole ɗaya ya kasance malamin da ya ga aikina da idonsa. Shugabar wurin aikina ta amince za ta rubuta ɗaya. Ɗayar kuwa ban ga wanda ya fi Malam cancantar rubuta ta ba, don shi ya san yadda binciken ya faro, da inda ya cije, da yadda aka warware. Za a rufe karɓar takardu ranar 15 ga Disamba, 2025, wato saura mako shida.

Abin da suke so a takardar abu uku ne, kamar yadda suka zayyana a sanarwarsu: ko mai nema zai iya gudanar da bincike ba tare da an tsaya a kansa ba, yadda yake yi in sakamako ya saɓa wa abin da ake tsammani, da kuma matsayinsa in an kwatanta shi da sauran ɗaliban da malamin ya koyar. Sun ce shafi ɗaya zuwa biyu ya isa, da Turanci, a kan takarda mai tambarin sashe, da sa hannu. Ganin shekara biyu ta wuce, na ga ya dace in tattaro wa Malam abubuwan da suka faru, don kada sai ya koma tonon tsofaffin fayiloli.

Darussa biyu na ɗauka a wurin Malam. A aji uku na yi Sinadaran Ƙasa na samu A, a aji huɗu kuma na yi Ban Ruwa da Magudanan Ruwa, nan ma A. Na fita da matsakaicin maki 4.31 cikin 5.00, daraja ta biyu ta sama, kuma ni ce ta uku a ajinmu mai mutum 47. Akwai C guda ɗaya a takardar sakamakona, a darasin Ƙididdiga na aji biyu. Masu tantancewa za su gan ta, don shirin da nake nema yana jingina da lissafi sosai. A aji huɗu na samu A a Tsara Gwajin Gona, kuma ni na yi duk lissafin bincikena da manhajar R. In Malam ya ga dacewar ya taɓa wannan da jimla ɗaya, maganarsa za ta fi tawa nauyi.

Binciken shi ne abin da nake so ya fi fitowa, don nan ne Malam yake da shaidar gani da ido. Na ɗebo samfur 60 daga filaye 30 da ake shayarwa ta kwalbati da kunya, kowane fili a zurfi biyu: daga sama zuwa santimita 20, da daga 20 zuwa 40. Na auna pH, da yawan gishiri, da kabon na ruɓaɓɓun abubuwa, da fosfaras ta hanyar Bray ta ɗaya. Wurare biyu ne aikin ya tsaya, kuma su nake fatan Malam zai tuna.

Na farko a kan awon gishiri ne. Yadda aka saba a ɗakin gwajinmu shi ne a dama ƙasa kashi ɗaya da ruwa kashi biyu da rabi, a tsoma na'ura a karanta. Da na karanta, kusan duk filayen sai suka fito ƙasa da 4 dS/m, iyakar da ake cewa ƙasa ta zama mai gishiri. Amma ni na taka filayen nan da ƙafata. Na ga farin ɓawo a kan kunyoyi, na ga albasa ta tsugune ta ƙi girma, bakin ganyenta ya ƙone. Da na koma littattafai sai na tarar cewa wannan iyaka ta 4 dS/m an kafa ta ne a kan ruwan da aka tsotso daga ƙasar da aka kwaɓa har ta ƙoshi, ba a kan ƙasar da aka tsinka da ruwa mai yawa ba. Ruwan da muke zubawa yana salance gishirin, lambar ta faɗi. Na kawo wa Malam wannan magana, ya ce in tabbatar da ita da awo, ba da baki ba. Sai na kwaɓa samfur 20, na tsotso ruwansu da famfon tsotsa na auna, na fitar da lissafin da ke danganta awo biyun, na gyara sauran da shi. Bayan gyaran, filaye 11 cikin 30 suka haye iyakar. Wannan ne ya sauya babi na huɗu gaba ɗaya.

Na biyu ya fi ba ni wuya. Awon kabon ta hanyar Walkley da Black, wadda aka wallafa tun 1934, ya riƙa nuna cewa filayen da suka fi gishiri su suka fi kabon, alhali su ne suka fi ƙarancin ciyawa da saiwa. Hankali bai ɗauka ba. Ashe kulorayid ɗin da ke cikin gishirin yana cin wani kaso na dayikuromet ɗin da ake zubawa, sai lissafi ya ɗauka kabon ne ya ci. Ba mu da sinadarin azurfar da ake sawa don a ɗaure kulorayid, saboda haka na wanke samfuran da tataccen ruwa, na busar da su, na maimaita awon. Bambancin ya ɓace. Malam ya rubuta a gefen shafin da jan biro cewa in sa wannan a sashen hanyoyin bincike, don waɗanda za su zo baya su sani. Har yanzu kwafin yana wurina, kuma na haɗa hoton shafin.

Aikin ya samu A a gaban mai jarrabawa na waje. Daga baya na taƙaita shi na gabatar a taron ƙara wa juna sani na tsangaya, da sunan Malam a matsayin mai dubawa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takardar sakamako. A zangon farko na aji biyar Malam ya sa ni taimaka wa 'yan aji uku a darasin aikace na ɗakin gwaji, ina nuna musu yadda ake daidaita na'urar pH da ruwan awo na 4 da na 7 kafin a fara, da yadda ake ɗiga sinadari har launi ya juya. Ni na tsara littafin rajistar samfur da aka ajiye a bakin ƙofa, bayan an yi ta samun jakunkunan ƙasa marasa suna. Ƙaramin abu ne, amma yana nuna yadda mutum yake aiki cikin jama'a, kuma wannan Malam ya gani.

Tun daga ƙarshen 2023 nake aiki a ɗakin gwajin ƙasa na wani shirin bunƙasa noman rani. Ina karɓar samfur daga malaman gona, ina aunawa, ina rubuta shawarar taki, ina kuma zana taswirar filaye da QGIS. Wannan ɓangare shugabata za ta yi bayaninsa, ba sai Malam ya ɗauki nauyin abin da bai halarta ba. Na ambace shi ne kawai don shi ya tura ni neman ƙarin karatu. Kullum muna gaya wa manomi filinsa ya yi gishiri, amma in ya tambayi ruwa nawa zai ƙara don ya wanke shi, da inda ruwan wankin zai bi in babu magudana, sai amsarmu ta zama kame-kame. Abin da nake so in ƙware a kai ke nan: lissafin ruwan wanke gishiri da tsara magudanan ƙarƙashin ƙasa a ƙananan filaye.

Ba na roƙon Malam ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba. A ganina, labarin awo biyun nan, in ya fito daga bakin wanda ya duba aikin, ya fi tarin kalmomin yabo amfani, don kowane mai nema za a ce yana da ƙwazo da ladabi. Batun matsayina a cikin ɗaliban da Malam ya koyar kuwa, wannan hukuncinsa ne, ban da ta cewa.

Ga yadda ake aikawa. In Malam ya amince, zan shigar da sunansa da adireshin imel ɗinsa na jami'a a shafin neman gurbin, domin ba sa karɓar adireshin da ba na ma'aikata ba. Saƙo zai zo masa da mahaɗin da zai ɗora takardar a matsayin PDF. Ni ba zan ga abin da aka rubuta ba. Irin wannan saƙo yakan faɗa akwatin tarkace, saboda haka zan sanar da Malam ranar da na shigar da sunan. Ba zan shigar ba sai na ji daga gare shi.

Na haɗa wannan wasiƙa da takardar tarihin karatuna da aikina, da takardar sakamako, da taƙaitaccen bayanin binciken a shafi ɗaya, da daftarin bayanin dalilin neman karatun, da sanarwar shirin mai ɗauke da cikakken sunansa da sharuɗɗansa. In Malam ya fi son mu yi magana baki da baki, zan nemi izini a wurin aiki in zo ofis duk ranar da ya sa mini.

Na san wannan lokaci ne na jarrabawa da duba ayyukan 'yan shekarar ƙarshe. In aiki ya yi yawa, ko akwai wani dalili da zai hana, wallahi ba komai. Roƙona dai in samu amsa kafin 14 ga Nuwamba, don in sami sararin tuntuɓar wani malamin kafin lokaci ya ƙure.

Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Ɗalibar Malam,
Hauwa'u Idris