Takardar Sabunta Hayar Gida ta Shekarar 2026

Alhaji Garba Lawan Bichi,
Gida mai lamba 14, Layin Masallaci,
Zango, Agege, Legas.

Litinin, 2 ga Yuni, 2025

Zuwa ga Malam Sani Abdullahi Funtuwa,
Sashen sama na hagu,
Gida mai lamba 14, Layin Masallaci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da yara baki ɗaya. Yaya kasuwa? Na san kwanakin nan ba ka da lokacin kanka, raguna sun shigo, kuma Sallah ta matso. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.

Malam Sani, hayar sashen da kake ciki, mai ɗakin kwana biyu da falo da kicin da bayi biyu, za ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2025. Na rubuto ne in shaida maka cewa ina so ka ci gaba da zama wata shekara, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, 2026, amma da wasu canje-canje a kuɗi da kuma sharuɗɗan zama. Ina buƙatar amsarka a rubuce kafin ƙarshen ranar Juma'a, 20 ga Yuni, 2025.

Tun da ka tare a Janairun 2022 ban taɓa bin ka da maganar kuɗi ba, kuma ba wani maƙwabci da ya kawo mini ƙararka a kan rigima. Ba kowane ɗan haya ne ake samun haka daga wajensa ba a garin nan, shi ya sa ba na son ka tashi.

Kuɗin hayar zai tashi daga naira 750,000 zuwa naira 1,000,000 a shekara. Na san ƙarin 250,000 ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, don haka bari in faɗa maka inda na samo shi. Rabon da in taɓa kuɗin gidan nan tun Janairun 2023. Wata biyar bayan nan, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, kuma kai kanka ka san abin da ya biyo baya, tun da kana biyan kuɗin tirela daga Arewa. Na yi shiru a 2024, na sake yin shiru a bana, ina cewa a bar mutane su numfasa. To amma gida bai san an yi haƙuri ba. Buhun simintin da na saya wajen dubu biyar lokacin da muka gyara katangar baya, da na je saye bana na tarar ya ninka. Kafinta da birkila da mai gyaran famfo duk sun ƙara kuɗin aiki, ga harajin fili da gini da gwamnatin jiha ke karɓa duk shekara, wanda ni ke biya, kuma ni zan ci gaba da biya, ba zan ɗora wa kowa ba.

Sannan unguwar ma ta canja. Tun da aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021 cunkoson mahadar ya ragu, yanzu kuma ga jirgin ƙasa na jan layi da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a tashar Agege. Ma'aikatan da a da ba sa kallon wannan ɓangaren, su ne ke neman gida a nan. Dillalai biyu sun zo mini da tayin da ya fi wanda na rubuta maka. Ban ambaci wannan don in tsorata ka ba. Na sallame su, domin na gwammace wanda na san halinsa a kan baƙon da zai ba ni ƙari yau, gobe mu tsinci kanmu a kotu.

Game da yadda za a biya, na sauƙaƙa. Ba sai ka kawo kuɗin a dunƙule ba. Kashi na farko naira 600,000, a biya zuwa 15 ga Disamba, 2025. Kashi na biyu naira 400,000, a biya zuwa 30 ga Afrilu, 2026. Na zaɓi ƙarshen Afrilu da gangan, saboda azumi mai zuwa zai kama tsakanin Fabrairu da Maris, ga hidimar ƙaramar Sallah a bayansa, ban ga dalilin da zan matsa maka a tsakiyar wannan ba. A tura ta asusun bankin da ka saba turawa, ni kuma zan ba ka rasit mai ɗauke da kwanan wata da adadin kuɗi da lokacin da kuɗin ya shafa, kamar yadda Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gida. Dokar nan ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na shekara ɗaya daga ɗan hayar da ke cikin gida, ni ma shekara ɗaya kawai nake nema. Babu kuɗin dillali, babu kuɗin rubuta yarjejeniya. Naira 50,000 da ka ajiye na jingina lokacin shigowarka suna nan yadda suke, ba a ƙara komai a kai ba.

Kuɗin hidima na wata-wata zai koma naira 8,000 daga 5,000: dubu biyu na masu kwashe shara, dubu uku da ɗari biyar na mai gadin layi, dubu biyu da ɗari biyar na wutar injin burtsatse. Wannan ba ya shiga aljihuna. Malam Iliya mai kula da gida zai riƙa karɓa zuwa 5 ga kowane wata, ya ba da rasit na daban, kuma duk bayan wata shida zai kafa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙasan matakala, kowa ya gani da idonsa. Za a sa wa injin ruwan mitarsa ta kati shi kaɗai kafin Janairu, don a daina gardamar waye ya ja wutar waye. Mitar sashenka kuwa kai za ka ci gaba da saya mata kati.

Abin da ke kaina ni ma zan faɗa, don kada ya zama na karɓa ban bayar ba. Yoyon da ke ɗakin yaranka, ta kusurwar da silin ya yi baƙi ya kumbura, na hau da kafinta mun duba. Kwano uku ne suka ci tsatsa ta wajen ƙusa, ruwa na bin katako yana sauka. Ba zan jira sabuwar yarjejeniya ba, damina ta riga ta kankama. Za a canja kwanon kafin ƙarshen Yuni ko ka amince da tayin nan ko ba ka amince ba, silin ɗin kuma a canja shi idan ruwa ya ɗauke, don kada a yi aiki biyu. Za a kira mota ta kwashe masai kafin Disamba, a yi wa matakala da barandar sama fenti a Janairu. Duk gyaran da ya shafi rufi, bango, bututun cikin bango da injin ruwa nawa ne. Ƙwan lantarki, kan famfo, makulli, ragar taga da makamantansu naka ne.

Yanzu sai maganar da ta fi mini nauyin faɗa, kuma ina roƙon ka ɗauke ta a matsayin ta wa da ƙane. Maganar baƙi ce. Ni ma da na sauka garin nan a shekarun baya, a zauren wani bawan Allah na kwana wata da watanni, bai taɓa tambayata sisi ba. Don haka ba ni ne zan ce Bahaushe ya rufe ƙofa ga ɗan'uwansa da ya zo ci-rani ba. Amma a ƙarshen bara akwai lokacin da samari shida ko bakwai ke kwana a falonka da baranda, tankin sama ya riƙa ƙarewa kafin azahar, matan sashen ƙasa suna tarar mazan da ba su sani ba a bakin famfo da asuba. Ba su kawo ƙara ba, don suna jin nauyinka, amma na gani. A sabuwar yarjejeniya, baƙon da zai wuce mako biyu sai a sanar da ni ko Malam Iliya, mu san sunansa da garinsu, kuma ba a kwana a baranda ko a kan matakala. Iyayenka da surukanka ba sa cikin wannan sharaɗi, su zo su zauna iyakar son ransu. Ba a kuma ba wani hayar ɗaki ko wani ɓangare na sashen sai da izinina a rubuce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sauran ƙanana ne. Janareta ya koma rumfar bayan gida, a kashe shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma ba a ajiye jarkar fetur a cikin ɗaki ko ƙarƙashin matakala. Ragon layya na gida a ɗaure shi a tsakar gida kamar yadda aka saba, amma na sayarwa su tsaya can kasuwar dabbobi ta Oko-Oba. Idan zan shigo duba gida zan sanar da kai kwana biyu kafin nan, kuma da rana, lokacin da kake gida. Duk abin da ban ambata a nan ba yana nan kamar yadda yake a yarjejeniyar 2022.

Za ka iya cewa Disamba da nisa, me ya kawo gaggawa? Dalili shi ne ɗan hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida cif kafin a ce ya tashi. Idan ba za mu daidaita ba, dole takardar notis ta isa hannunka kafin Yuni ya fita, don kai ka samu isasshen lokacin neman wani wuri, ni ma in san inda na dosa. Shi ya sa na tsayar da 20 ga Yuni, mako biyu bayan Sallah, lokacin da ƙurar kasuwa ta lafa.

Na haɗo maka kwafi biyu na wannan takarda. In ka amince, ka rubuta "na amince" a ƙasan ɗaya, ka sa hannu da kwanan wata, ka ba Malam Iliya ko ka kawo mini da kanka, ka riƙe ɗayan. Daga nan lauyana zai shirya cikakkiyar yarjejeniya mu sa hannu a gaban shaidu biyu a cikin Yuli. In kuma ba za ka ci gaba ba, shi ma ka rubuta haka. Idan ranar ta wuce ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka ba ka da sha'awa, tayin ya faɗi, za a kawo maka notis, ka miƙa makullai ranar 31 ga Disamba, 2025, a mayar maka da kuɗin jinginarka bayan an duba gida. Saƙon baki ta hannun wani ba zai wadatar ba.

Idan akwai abin da bai kwanta maka ba, kada ka bari sai ranar ƙarshe. Doka ta ba ɗan haya damar zuwa kotu idan yana ganin ƙarin ya wuce hankali, ban ɓoye maka ba, amma na fi so mu fara zama ni da kai. Ina gida kullum bayan la'asar, ban da ranar Laraba. In kana so wani babba ya zauna da mu, liman ya ishe mu. A kan ranakun biya za ka same ni da sauƙi. A kan adadin kuɗin kuwa na riga na sauko iyakar inda zan iya.

A gaida maiɗakinka da yara, a yi Sallah lafiya.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Garba Lawan Bichi
Mai gida

Kwafi zuwa ga Malam Iliya, mai kula da gida.