Tsarin Kicin da Zirga-zirgar Aiki na Sabon Gidan Abinci a Birnin Kebbi

Ranki ya daɗe Hajiya, ga tsarin da aka fitar bayan auna ɗakin girkin, mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, wanda mutum uku za su yi aiki a ciki. Ginshiƙinsa shi ne kaya su shigo ta ƙofar baya, su bi hanya ɗaya har su fita a faranti ta tagar miƙa abinci, ba tare da an koma da su baya ba.

Daga shiga ƙofar baya za a tarar da ma'ajiya, inda buhunan shinkafa da wake za su zauna a kan katako don kada danshi ya taɓa su, firiza kuma a gefe, nesa da wuta. Bayanta sai famfon wanke cefane da teburin yanka mai tsayin santimita 90, da wuƙaƙe a rataye a samansa. A ware wa kifi da nama katakon yankansu daban da na ganye.

Maganar ruwa ce ta fi damuna, domin ɗebo shi ne ke cinye ƙafar masu girki. Saboda haka za a ja bututu daga tanki zuwa kan murhu, a cika tukunya a inda take zaune, kada kowa ya ratsa ɗakin da bokiti. Murhun tuwo zai kasance ƙasa-ƙasa, kimanin santimita 40, domin mai tuƙi ta samu ƙarfin danna muciya, kuma a ajiye kulolin tuwo a kusa da ita, ta riƙa kwashewa ba tare da an ɗaga tukunyar ba. Murhun miya da na suya za su biyo baya a jikin bango ɗaya, ƙarƙashin taga da fankar fitar da hayaƙi, wadda ba za a iya yi babu ita ba a zafin Afrilu, lokacin da garin ke haura digiri 40. Tukunyar gas kuwa waje za ta zauna, cikin keji mai inuwa da iska.

Mai zuba abinci za ta tsaya tsakanin kuloli da tagar miƙawa, faranti da cokula a ƙarƙashin kanta. Kwanukan da aka ci za su dawo ta wata taga daban, kai tsaye zuwa wurin wanke-wanke, wanda ruwansa zai bi kwata ya fita waje.

Hanyar tsakiya kada ta gaza mita 1.2. Kafin magini ya ɗora bulo, ina roƙon a zana tsarin da alli a ƙasa, masu girkin su gwada hidimar abincin rana a kai, a gyara duk inda suka ci karo da juna.